Kash-awut: yadda kamfanin caca ke saye tikitinka ƙasa da kuɗinsa

Wani daren Lahadi, bayan sallar isha'i, ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida ya miƙo mini wayarsa, hannunsa har rawa yake yi. Ya ce, "Kawu, kai da ka san lissafi, duba mini nan. In karɓa ko in bari?"

Tikitin caca ne na naira 500, ya jera wasanni biyar a kai. Huɗu sun riga sun ci, saura ɗaya, wasan Sifaniya na dare da ba a kai ga take shi ba. In na biyar ɗin ya ci, za a ba shi naira 60,000. A ƙasan tikitin kuwa ga wani maɓalli an rubuta Cash Out a jikinsa, da naira 26,000 a gefe. Ma'ana, kamfanin yana ce masa ga 26,000 yanzu-yanzu, ka bar mana tikitin, duk yadda wasan ya ƙare ba ruwanka.

Ni ba na caca, kuma yaron ya san matsayina a kanta, ya san abin da aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta ce. Na sha faɗa masa. Amma wa'azin bai cire manhajar daga wayarsa ba, kamar yadda rufe shagunan caca da Hisbah ta yi a Kano a 2024 bai cire ta daga wayoyin samari ba. Shi ya sa nake ganin ya kamata a buɗe cikin wannan maɓalli a ga abin da ke ciki, domin a duk dabarun kamfanonin nan babu wadda samari suka ɗauka alheri ce kamar kash-awut. Sai ka ji ana cewa, "Ai kamfanin nan suna da kirki, suna ba da kash-awut." Ciniki ne tsagwaronsa. Kai ne mai sayarwa, kamfani ne mai saye, shi kaɗai ne mai sayen a duk kasuwar, kuma shi ke yanka farashi.

Kafin a gane farashin sai an gane abin da samari ke kira od, lambar nan da ake rubutawa a gaban kowace ƙungiya. Od 2.00 na nufin in ka sa naira 1,000 ka ci, a ba ka 2,000. A cikin lambar akwai hasashe a ɓoye: raba 100 da od ɗin, abin da ya fito shi ne kason yiwuwar abin a cikin ɗari. Od 2.00 kashi 50 ke nan, od 4.00 kashi 25. To a ce za a jefa kwabo sama, ko kai ko wutsiya. Adalci shi ne kowane ɓangare a ba shi 2.00. Kamfani ba zai ba da haka ba, sai ya sa 1.90 nan, 1.90 can. Raba 100 da 1.90, ka sami kusan 52.6. Haɗa ɓangarorin biyu, ka sami 105 da ɗoriya. Yiwuwa ba ta wuce ɗari, saboda haka biyar ɗin nan da ta hau sama la'adar kamfani ce. An cire ta tun lokacin da ka danna ka sayi tikiti, ko alƙalin wasa bai hura usur ba.

Wannan yanka na farko ke nan. Kash-awut shi ne na biyu.

Mu ɗauki tikitin wasa guda, don lissafin ya fito fili. Mutum ya sa naira 1,000 a kan cewa baƙi za su ci masu gida, a od 3.00. In sun ci, yana da 3,000. An kai minti na 60, baƙin suna gaba da ci ɗaya da nema. Yanzu a allo kamfani ya sauya lambobi: baƙi su ci 1.50, canjaras 4.00, masu gida su farke har su ci 7.00. Kash-awut ya fito, a ce naira 1,750. Mai tikiti yana ganin ya sa dubu, ga dubu ɗaya da ɗari bakwai da hamsin, riba ta samu. Tambayar da ba ya yi ita ce, nawa ne ainihin kuɗin wannan tikiti a wannan minti?

Lissafin da ya fi yawo a tsakanin masu caca shi ne a raba abin da za a ci da od na yanzu: 3,000 a raba da 1.50, ya ba da 2,000. Wannan lamba ta yi yawa, kuma gaskiya ce ya kamata a faɗa ko da tana taimakon kamfani. Od 1.50 ɗin akwai la'ada a cikinsa, yana nuna yiwuwar ta fi yadda take. Sai an tace shi. Od 1.50 kashi 66.7 ne, 4.00 kashi 25, 7.00 kashi 14.3. Jimla 106. In aka mayar da su kan ɗari, rabon baƙi ya koma kusan kashi 63. Kashi 63 na naira 3,000 kuwa 1,890 ne. Wannan ita ce darajar tikitin bisa hasashen kamfanin da kansa, ba nawa ba. An taya shi 1,750. Naira 140 ta tafi, sama da kashi 7 cikin ɗari na darajar kayan, a danna ɗaya.

Akwai wata hanyar aunawa da ta fi wannan tona asiri. A ce babu maɓallin kash-awut sam, amma mutumin yana son ya tabbatar da kuɗinsa. Zai iya yi da hannunsa, ta hanyar yin caca a kan abin da yake tsoro. Ya sa naira 750 a kan canjaras a od 4.00, in an tashi canjaras ya sami 3,000. Ya sa naira 429 a kan masu gida a od 7.00, in sun ci ya sami 3,000. In baƙi suka riƙe wasansu, tikitinsa na farko ya kawo 3,000. Ko ta ina aka tashi yana da 3,000, ya kashe 1,179 wajen toshe ƙofofin, ya rage masa 1,821. Abin da wannan ke nunawa shi ne kash-awut sabuwar caca ce, wadda mutum ke yi a kan kishiyar zaɓinsa na farko, kuma kowace sabuwar caca tana zuwa da tata la'adar. Daga 1,890 zuwa 1,821, la'adar kasuwa ce ta cinye. Daga 1,821 zuwa 1,750 kuma wani ƙarin yanka ne da aka ɗora don kawai an sauƙaƙa maka abin zuwa danna ɗaya. Girman wannan ƙarin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, daga wasa zuwa wasa, kuma ba a rubuta shi a jikin maɓallin. Lamba ɗaya tak ake nuna maka.

Asalin dabarar ma daga nan take. A Birtaniya, tun da kasuwar caca ta intanet mai suna Betfair ta buɗe a 2000, masu caca suna iya yin ciniki a junansu, wani ya ce za a ci, wani ya ce ba za a ci ba, mai tikiti ya sayar da matsayinsa ga duk wanda ya fi tayawa. Kamfanonin da ke karɓar caca kai tsaye suka ɗauki wannan suka mayar da shi maɓalli, amma suka bar masu tayi da yawa a can. A kasuwar Wambai in ɗan kasuwa ya taya maka kaya da wulaƙanci, sai ka matsa rumfa ta gaba. Tikitin caca ba ya sayuwa a ko'ina sai a wurin wanda ya sayar maka da shi.

Duk mai son ya ga yankan da idonsa ba ya buƙatar alƙalami. Ya duba kash-awut ɗin tikitin da aka yanka yanzu, wasa bai fara ba, od bai motsa ba. Sau da yawa zai tarar lambar ta gaza abin da aka sa. Babu abin da ya faru a fili, ba a ci kowa ba, ba a ba kowa jan kati ba, amma dubu ta koma ɗari tara da wani abu.

Mu koma kan tikitin ɗan yayata, don a irinsa ne abin ya fi muni, kuma irinsa ne samarinmu suka fi yankawa. Wasansa na ƙarshe ya zaɓi abin da ake rubutawa Over 2.5, wato a zura ƙwallo uku ko fiye a wasan. Od ɗinsa 1.90, kishiyarsa ma 1.90, daidai da jefa kwabon da muka yi misali. Kamfani da kansa yana ganin abin rabi da rabi ne. Rabin 60,000 kuwa 30,000 ne. An taya 26,000. Na ce masa, "Ɗana, ka ga 4,000 ɗin da ke tsakani? Ta ninka kuɗin da ka sa sau takwas." Ya ce, "Kawu, ni fa ɗari biyar na sa." Nan gizo ke saƙar. Idonsa yana kan 500, yana auna 26,000 da ita, sai ya ga dutse. Kamfani kuwa ya manta da 500 tun tuni, yana auna bashin 60,000 da ke wuyansa, yana neman hanyar da zai sauke shi da araha.

Na ce ya ɗauka samari ɗari ne ke riƙe da irin tikitinsa a daren nan, kowa da wasansa na ƙarshe mai rabi da rabi. In babu wanda ya karɓi kash-awut, wajen hamsin za su ci, kamfani ya biya 60,000 sau hamsin, naira miliyan uku. In duka suka karɓa, ya biya 26,000 sau ɗari, miliyan biyu da dubu ɗari shida. Naira 400,000 ta zauna a aljihunsa, kuma ya huta da zullumin daren da wasanni za su zo wa mutane daidai su yi masa taron dangi. Ya rage abin da zai biya, ya kuma rage haɗarinsa, duk a lokaci guda, kuma samari ɗarin nan kowa zai kwanta yana jin shi ya yi dabara.

Abin da ya fi ci mini rai a tikitin shi ne wani lissafi da ban taɓa jin samarin suna yi ba. Da tun farko yaron bai saka wasa na biyar ba, ya tsaya a huɗu, nawa zai ci? A raba 60,000 da 1.90, ya ba da kusan 31,580. Da tuni wannan kuɗi yana asusunsa tun la'asar, ba tare da roƙon kowa ba. Ya ƙara wasa na biyar don lambar da ke ƙasan tikiti ta yi kauri, sannan da lokacin wasan ya zo zuciyarsa ta kasa ɗauka, zai janye a 26,000. Wato zai biya fiye da naira 5,500 a kan wasan da a ƙarshe bai ma tsaya ya yi cacarsa ba. Duk wanda ya san in tikitinsa ya kai wasan ƙarshe zai danna kash-awut, to wasan ƙarshen nan ba shi da wani aiki a tikitin sai rage masa kuɗi.

Yawan wasannin da suka rage kuma yawan yankan ne, domin la'ada tana hawa kan la'ada. A ce wasa uku ne suka rage masa, kowanne rabi da rabi. Yiwuwar su ci duka ɗaya ce cikin takwas, darajar tikitin 7,500. In aka cire la'adar kowane wasa ɗaya bayan ɗaya, tayin ya sauko wajen 6,400, kashi 15 cikin ɗari ya tafi tun kafin a ɗora wani ƙari. Ga kuma garaɓasar da ake yi wa masu jera wasanni da yawa alkawari, wadda ke kumbura lambar ƙasan tikiti. A sharuɗɗan kamfanoni da dama ba ta shiga lissafin kash-awut, sai wanda ya jira har ƙarshe.

Farashi ba shi kaɗai ne abin da ke hannun kamfani ba, har da lokaci. Duk wanda ya zauna a gidan kallo ya ga wannan. Ƙungiyar da mutum ya zaɓa tana gaba, abokan karawa sun matsa lamba, sai alƙali ya nuna bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ya zaro waya da sauri don ya tsira da abin da ya samu, sai ya tarar maɓallin ya dushe, an rubuta Suspended. Dalilin a fili yake. Kamfanonin caca suna sayen bayanan wasa daga kamfanoni irin su Sportradar da Genius Sports, masu wakilai a cikin filin wasa suna aika abin da ya faru nan take. Hoton da ke zuwa talabijin ta tauraron ɗan'adam yana makara da 'yan daƙiƙoƙi, na intanet ya fi haka makara. Kafin ka ga ƙwallo ta taɓa hannun mai tsaron baya, na'urar kamfani ta sani, ta rufe kasuwa. Haka ake yi in an ci ƙwallo, ko an ɗaga jan kati, ko alƙali ya tafi duba na'urar bidiyo. Ko a lokacin da maɓallin ke buɗe, in ka danna yayin da ake cikin wasa akwai ɗan jinkiri kafin a amince, in od ya motsa a wannan tsakani sai a ƙi, ko a kawo maka sabon farashi. Kuma sharuɗɗan da kowa ke amincewa da su ba tare da karantawa ba suna faɗa ƙarara cewa kamfani bai yi alkawarin kash-awut zai samu a kowane lokaci ba. Samari suna yanka tikiti mai haɗari da tunanin "in abu ya ɓaci sai in fita", alhali ƙofar tana rufewa ne daidai lokacin da abu ya ɓaci.

Me ya sa duk da haka mutane ke karɓa? Bahaushe ya riga ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Masana halayyar ɗan'adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna a 1979 cewa mutum yakan zaɓi ƙaramin abu tabbatacce a kan babba mai shakka ko da lissafi ya fi son babban, kuma zafin asara ya fi daɗin riba mai girma ɗaya ƙarfi a zuciya. Wanda wasa ɗaya ya taɓa yanke masa tikiti a minti na 90 ba ya mantawa. Wannan tabon ake sayar masa da maganinsa. Kuma lambar tana motsi a gaban idonsa, ta hau, ta sauka, ta sake hawa, har ya ji kuɗin nasa ne ake ɗiba. Nau'o'in da aka ƙirƙiro daga baya, na karɓar wani sashe a bar saura, da na saita lamba na'ura ta danna maka da kanta, duk farashi ɗaya ake yi musu, yankan yana nan a kan duk abin da aka karɓa.

Ba zan ce duk wanda ya karɓa ya yi wauta ba. In kuɗin da ke kan tikiti zai biya hayar shekara ko ya sayi keken ɗinki, kuma mutum ba shi da wata hanyar samunsu, rabin kuɗin a hannu yana iya fi masa amfani a kan jefa kwabo tsakanin duka da babu. Inshora ke nan, kuma inshora kuɗi ake biya. Abin da nake so kawai shi ne ya san nawa ya biya. A tikitin ɗan yayata farashin inshorar naira 4,000 ne. Da yana da 31,580 a hannu ya sa a kan kishiyar zaɓinsa a od 1.90, da ko ta ina aka tashi ya tsira da wajen 28,400. Ba shi da su, kuma mafi yawan masu tikitin ɗari biyar ba su da su, wannan ma yana cikin abin da ke ba kamfani damar taya kaya yadda ya ga dama.

Yaron ya danna. Aka tashi wasan kunnen doki, ɗaya da ɗaya, ƙwallo biyu ke nan, da tikitin ya yanke. Washegari da safe ya zo yana murna, "Kawu, ka gani ko? Da na bi lissafinka da na tashi a tutar babu." Na ce masa na yi murna da bai rasa ba, kuma da gaske nake. Amma sakamakon dare ɗaya ba ya gyara farashi. Kafin a take wasa kayan na 30,000 ne, aka saye su 26,000, ko an ci uku ko ba a ci ba. A cikin samari ɗarin nan hamsin za su zo da irin labarinsa, hamsin kuma za su yi shiru suna cizon yatsa a kan 34,000 da suka bari. Labarin masu murna ake ji a majalisa, shi ya sa sunan maɓallin ke ƙara kyau.

Kuɗin kash-awut kuma ba banki yake tafiya ba, cikin asusun manhajar yake faɗawa, ga jerin wasannin gobe a gabanka. Tikitin da ke jira kuɗi ne a ɗaure, ba za a iya sake caca da shi ba. Da an danna ya kwance, kuma kowane sabon tikiti da aka yanka da shi sabuwar la'ada ce. Ranar Alhamis na tambaye shi, "Ɗana, ina 26,000 ɗin?" Ya sunkuyar da kai yana wasa da wayar a hannunsa. Ya ce ya cire 8,000 ya gyara babur, ya ba mahaifiyarsa 2,000. Sauran 16,000 ya bar su a ciki saboda wasannin Zakarun Turai na Talata da Laraba, kuma abin da ya rage a asusun naira 1,300 ne.